Yadda ake karanta zanen barkwancin siyasa

Ana yawan tambaya kan yadda ake gane saƙon irin wannan zane. Mu gwada da zanen Thomas Nast na 1871 a mujallar Harper's Weekly, inda ya caccaki William Tweed, uban siyasar birnin New York.

1. Duba ranar da aka buga zanen. A 1871 ana zargin Tweed da mutanensa da wawure kuɗin birnin.

2. Nemo gaɓar da aka zuzuta. Nan ƙaton tumbi ne, alamar wanda ya ci ya yi hani'an da dukiyar jama'a.

Hattara: ba kowace zuzutawa ce zargi ba. Dogon hanci ko manyan kunnuwa sau da yawa don a gane mutumin kawai ake yi.

3. Duba abin da aka musanya. Nast ya cire kan Tweed ɗungurum, ya ɗora jakar kuɗi mai alamar $ a gurbinsa.

4. Nemi abin da ke shaida mutumin, tunda babu fuska. Lu'ulu'un da Tweed ya saba maƙalawa a ƙirjin rigarsa na nan.

5. Karanta duk rubutun da ke jikin zanen da ƙasansa. Taken wannan "The Brains", wato ƙwaƙwalwa.

Nan ake yawan zamewa, a ɗauki taken a matsayin yabo, alhali gatse ne.

6. Haɗa su cikin jimla ɗaya: ƙwaƙwalwar da ta kawo wa Tweed nasara a siyasa kuɗi ce. Idan wata alama ta ƙi shiga jimlarka, koma mataki na 1.