Yadda na gyara launin da ya ƙi fitowa a jerin kayana

Jerin kayan tafiya na haɗa a Google Sheets, layi 40, matsayin kowane kaya a ginshiƙin C: an shirya, babu, ko ana jira. Na sa launi ta Conditional formatting, amma layi 7 suka tsaya fari fat. Na zargi launin, na goge dokar na sake, shiru kake ji.

Ashe ni ne da kaina. Da hannu nake rubuta matsayin, wani wurin "anshirya" a haɗe, wani wurin da tazara a ƙarshen kalma wadda ido ba ya gani.

Sai na zaɓi C2:C41, na shiga Data, Data validation, Add rule, na ɗauki Dropdown, na rubuta kalmomin uku. A Advanced options na danna Reject the input, don kada a sake rubuta wani abu daban. Tsofaffin kurakuran ba sa gyaruwa da kansu, jan tabo kawai ke fitowa a kusurwar ɗakin, dole na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Don layin ya yi launi gaba ɗaya, na zaɓi A2:C41, na koma Conditional formatting, na ɗauki Custom formula is:

```
=$C2="Babu"
```

Na ba shi launin ja. Kore da rawaya na sauran biyun ma haka. Alamar $ ɗin nan kada a manta ta, ita ke riƙe ginshiƙin C. Alhamdulillahi, yanzu ja uku suka rage.