Kurakuran da aka fi yi wajen duba fassarar da aka ciro daga hoto

Idan ka ɗora kyamarar waya a kan takardar Faransanci ko ta Larabci, sai ka ga Hausa ta bayyana a fuskar wayar, aiki biyu ne aka yi maka cikin ƙiftawar ido. Da farko manhajar ta kalli hoton ta zaƙulo haruffan da ke ciki, aikin da ake kira OCR. Bayan haka ta fassara abin da ta zaƙulo. Yawancin mutane aikin na biyu kaɗai suke dubawa, alhali ɓarnar da ta fi haɗari a na farko take faruwa, kuma ba ta barin alama, domin manhajar za ta ɗauki lambar da ta karanta ba daidai ba ta saka ta cikin jimla mai daɗin karantawa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce an kai mahaifiyarka asibiti a Maraɗi, an ba ta takardar sakamakon gwaji da ta magani, duka da Faransanci. An ɗauki hotonsu an turo maka Katsina don ka nuna wa likita. Cikin abin da aka rubuta akwai waɗannan layuka:

```
Glycémie à jeun : 1,80 g/L
Lévothyroxine 50 µg, 1 comprimé le matin
Paracétamol : ne pas dépasser 3 g par jour
```

Na farko yana faɗin yawan sukarin jini kafin a karya kumallo. Na biyu magani ne, ƙwaya ɗaya da safe. Na uku gargaɗi ne cewa kada a wuce giram 3 na farasitamol a rana.

Tsallake rubutun da aka zaƙulo

Kuskuren farko shi ne karanta Hausar kai tsaye ba tare da ganin abin da manhajar ta ɗauka an rubuta ba. Gyaransa mai sauƙi ne. Kafin ka fassara komai, kwafo rubutun daga hoton a harshensa na asali, ka liƙa shi a wani wuri, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi, sannan ka bi su layi bayan layi. Ba sai kana jin Faransanci ba, domin siffar haruffa kake kwatantawa, kuma duk mai ido zai iya.

Akwai haruffan da aka san suna rikita na'ura: sifili da harafin O, lamba 1 da ƙaramin l da babban I, 5 da S, 8 da B, sai r da n idan sun haɗu su koma kamar m. Ƙananan alamomi kuwa, irin waƙafi da ɗigo, su ne suka fi saurin ɓacewa, musamman idan takardar ta sha ninki ko hoton ya bi ta hannu da yawa. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi idan an tura shi yadda aka saba, don haka ka roƙi wanda ke riƙe da takardar ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ɗauka a haske mai kyau daga sama tsaye, ya turo a matsayin Document. Sau da yawa wannan kaɗai yana kawar da yawancin matsalar.

Dogaro da fassarar komawa baya fiye da ƙarfinta

Dabarar ita ce ka ɗauki Hausar da aka ba ka, ka mayar da ita Faransanci, ka ga ko ta dawo yadda take. Dabara ce mai amfani, amma mutane suna ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Dubi layi na biyu. Alamar µ da ke gaban g tana nufin mikrogiram, kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. A hoto mai dishi-dishi, na'ura tana iya ganinta a matsayin u ko m. A ce ta karanta 50 mg. Fassarar za ta ce miligiram 50. Ka mayar da ita baya, ta dawo 50 mg. Ka kwatanta da rubutun da aka zaƙulo, shi ma 50 mg. Komai ya yi daidai da juna, hankalinka ya kwanta, amma adadin ya ninka na gaskiya sau dubu. Wannan maganin na masu ƙarancin sinadarin tayirod ne, kuma da mikrogiram ake auna shi, 25 ko 50 ko 100 da makamantansu. Fassarar komawa baya ba ta taɓa ganin hoton ba, saboda haka ba ta da hanyar sanin cewa tun daga tushe aka karkace. Abin da za ka kwatanta da ita shi ne hoton kansa.

Akwai kuma tarko na biyu. Kalmar ampoule a Faransanci tana nufin ƙaramar kwalbar ruwan allura, tana kuma nufin ƙwan fitila. Idan manhajar ta zaɓi ƙwan fitila, ka mayar da shi Faransanci, ampoule ɗin ce za ta dawo maka tsaf. Dawowar kalma yadda take ba hujja ba ce cewa ma'anar da aka ba ka a tsakiya daidai ce. Sai ka karanta Hausar da hankalinka ka tambayi kanka ko wannan magana ta dace da takardar asibiti.

To, ina amfaninta? Tana kama abin da ya faɗi a hanya. Layi na uku yana ɗauke da ne da pas, waɗanda su ne ke mayar da maganar hani. Idan ninkin takarda ya cinye su, ko manhajar ta yanke layin gida biyu, «kada a wuce giram 3» tana iya komawa «a wuce giram 3». Idan ka mayar baya ka ajiye kusa da hoton, nan take za ka ga kalmomi biyu sun yi ɓatan dabo. Haka nan tana nuna jimlar da aka tsallake gaba ɗaya. Domin ta yi aiki sosai, ka yi ta jimla-jimla, kada ka zuba shafi guda a lokaci ɗaya, kuma ka yi amfani da wata manhaja dabam da wadda ta yi fassarar farko. Mafi kyau duka shi ne mutum mai jin harsunan biyu wanda bai ga takardar ba tukuna. Kuma kada ka tayar da hankali don kalmomin sun ɗan sauya, ma'ana kake nema.

Duba lamba a bar ma'auninta

Nan ne nake so mai karatu ya fi tsayawa, domin nan ne rai yake iya shiga haɗari. A rubutun Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, wato 1,80 ɗinsu shi ne 1.80 na Najeriya. Dubbai kuma da tazara ake raba su, kamar 15 000, wani lokaci da ɗigo. Wanda ya saba da tsarin Ingilishi yana iya ganin 15.000 a rasiɗin sefa ya ɗauka sha biyar ne.

Yanzu koma layi na farko. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an saba rubuta sukarin jini da g/L, a Najeriya kuwa an fi sabawa da mmol/L ko mg/dL. Sakamakon 1,80 g/L daidai yake da 180 mg/dL, idan ka raba da 18 kuma ya ba ka 10 mmol/L. Wannan sukari ne da ya hau, tunda daga 1,26 g/L kafin karin kumallo ake fara maganar ciwon sukari. Amma a ce ma'aunin ya faɗi daga fassarar, abin da yake yawan faruwa idan sakamakon yana cikin jadawali kuma ma'aunin yana wani gurbi can gefe. Sai ka kira ma'aikacin lafiya ka ce masa sukarinta 1.8 ne. Shi kuma kansa yana kan mmol/L, inda 1.8 ke nufin sukari ya faɗi warwas, har ana gaggawar ba mutum abu mai zaƙi. Ba a taɓa lambar ba ko kaɗan, amma maganar ta juye gaba ɗaya.

Don haka ka ɗauki biro da takarda, ka kwafe kowace lamba daga hoton da hannunka tare da ma'aunin da ke manne da ita, sannan ka nemo kowacce a cikin fassarar ka soke ta. Ƙirga su ma: idan hoton yana da lambobi tara, fassarar tana da takwas, ɗaya ta ɓace. A jadawali, bi kowane layi da yatsa daga sunan gwajin zuwa sakamakonsa, don na'ura tana iya karanta ginshiƙi ɗaya har ƙasa kafin ta koma na gaba, ta aura wa kowane gwaji sakamakon maƙwabcinsa. Takardun gwaji galibi suna ɗauke da iyakar da ake ɗauka lafiya kusa da sakamakon, kuma wannan ma'auni ne na kyauta. Idan iyakar ta ce 0,70 zuwa 1,10, fassara kuma ta ce 180, ka san waƙafi ya faɗi. A rasiɗi kuma, haɗa kuɗin kayan da kanka ka ga ko sun kai jimillar da ke ƙasa.

Kwanan wata ma lamba ce. 03/04 a takardar Faransanci uku ga Afrilu ne, amma tsarin Amurka yana sa wata a gaba, ya zama huɗu ga Maris. Idan takardar daga Saudiyya ko Sudan ko Masar ta fito, ga ƙarin aiki: ٥ biyar ce duk da ta yi kama da sifili, sifilin kansa ɗigo ne ٠ da ke iya ɓacewa kamar ƙura, ٦ shida ce mai kama da 7, ٧ da ٨ kuwa kifewa kawai ta raba su. Shekarar ma tana iya zama ta Hijira.

Barin manhaja ta taɓa sunaye

Shi suna, kwafe shi ake yi harafi-harafi. Na'ura tana iya mayar da Oumarou ya zama Ournarou saboda rikicin m da rn, kuma mai gyara da kyakkyawar niyya yana iya mayar da Ousmane ya koma Usman. A hira duk ɗaya ne, amma a takardar da za ta je ofishin jakadanci ko banki ko makaranta, dole rubutun ya dace da na fasfo ko katin shaida. Sunayen Larabci kuma da yawa kalmomi ne masu ma'ana, sai ka ga Sa'id ya koma «mai farin ciki» a tsakiyar jimla. Duk inda ka ga siffa ta faɗo ba dalili a wurin da suna ya kamata ya zauna, koma ga hoton.

Sunan magani ya fi kowanne buƙatar wannan kulawa, domin akwai magunguna dabam-dabam da haruffa kaɗan ne suka raba sunayensu. Ka bar shi yadda aka rubuta, ka kwatanta da abin da ke jikin kwalin idan yana kusa. Idan kuma takardar rubutun hannu ce, ka tuna cewa waɗanda suka yi makarantar Faransanci suna yi wa 1 dogon baki har ta yi kama da 7, ita 7 ɗin kuma suna ja mata layi a tsakiya. Duk lambar da ka faɗaɗa hoton har yanzu ba ka rarrabe ta ba, kada ka cike da zato. Ka yi mata alama, ka kira wanda takardar ke hannunsa ya karanta maka ita lamba-lamba. Ranar ganin likita ko mai sayar da magani kuma, ka miƙa masa hoton asalin tare da fassarar, ya ga ma'aunin da idonsa.