Idan za ku haƙa ramin bututu a ƙasar Legas

'Yan uwa masu aikin haƙa, musamman na wajen Lekki da Ajah, a yi hattara da ƙasar nan. Yashi ce, ruwa kuma yana kusa, ba ta riƙe kanta kamar jar ƙasar Arewa.

Rami in ya kai mita 1.2, wato ya kawo wa mutum ƙirji, kada kowa ya shiga sai an tokare bangon. A jera katako a tsaye jikin bango biyu, a ɗora dogon katako a kwance, sannan a sa gajeru su tokare tsakani. Daga sama ake farawa, wajen cirewa kuma daga ƙasa, ana cikewa ana cirewa.

Ƙasar da aka tono a zuba ta nesa da baki, aƙalla mita ɗaya. Haka bulo da buhunan siminti. Bara a wajen aikinmu tifa ta matso baki don ta juye yashi, gefe ya zame ya binne wani yaro har ƙugu. Da hannu muka tono shi, jikina na rawa.

Bayan ruwan sama, a duba kafin a sauka. In kun ga tsagewa a bakin rami, ko yashi na zubowa, ko ruwa na tsattsafowa daga gindin bango, ku fito nan take, shi ya sa tsani zai kasance kusa.