Yadda Ake Haɗa Kantar Ajiye Kaya da Bututun Ƙarfe Ba Tare da Walda Ba

Mutane da dama sun tambayi yadda ake wannan haɗi, don haka ga matakan a jere.

1. A sayi bututu da mahaɗai masu lamba ɗaya. Mahaɗi shi ne ƙarfen da ake zura bututu a cikinsa a matse da ƙusa mai murɗawa. Ga kanta mai ɗaukar kaya masu nauyi, na fi amincewa da bututu mai faɗin milimita 33.7 ta waje.
2. A yanka ƙafafu huɗu tsawonsu ɗaya.
3. A yanka sandunan kwance, kada tsawonsu ya wuce mita ɗaya, domin sanda mai tsawo tana lanƙwashewa a tsakiya idan aka ɗora mata nauyi.
4. A goge bakin kowane yanka da magagari.
5. A sa alamar kowane hawa a ƙafafun huɗu, ana aunawa daga ƙasa.
6. A zura duk mahaɗan a jikin ƙafafun. Hattara: a nan aka fi yin kuskure, domin mahaɗin da ake zurawa ba ya buɗewa ta gefe, kuma idan aka manta guda ɗaya sai an kwance na samansa.
7. A tura kowace sanda cikin mahaɗi har ta wuce inda ƙusar take matsewa.
8. A ɗan ɗaure ƙusoshin da makulli mai kusurwa shida, amma kada a matse tukuna.
9. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon ya bambanta, kantar ta karkace, sai a daidaita ta.
10. A matse kowace ƙusa sosai har ta ciji bututun.
11. A shimfiɗa allunan.
12. A ɗaure saman kantar a bango kafin a ɗora mata kaya.