Darasi: Harafin R da L a Jikin Hoton Ƙirji

Idan aka ba ka hoton ƙirji na X-ray a asibiti, duba can sama ta gefe. Za ka ga wani farin harafi, R ko L. R na nufin dama, L na nufin hagu. Dama da hagun nan na mara lafiya ne, ba na mai kallon hoton ba. Ana ɗora hoto ne kamar mai shi yana tsaye yana fuskantarka, saboda haka damansa yana ta hagunka, yadda yake idan ka zo gaisawa da mutum.

Harafin da dalma ake yin sa. Hasken na'ura ba ya ratsa dalma, shi ya sa yake fita fari tas. Mai ɗaukar hoto yana manna shi a jikin farantin ɗaukar hoto kafin ya danna na'ura, a wurin da haske zai sauka, amma ba a kan huhu ko ƙashi ba, don kada ya rufe abin da ake nema. Idan ya kauce wa haske, ba zai fito ba sam. Harafin da aka ɗauka tare da hoto ya fi wanda aka buga daga baya a kwamfuta aminci, domin a kwamfuta dannawa ɗaya ke juya hoto, dama ta koma hagu, kuma mai bugawa na iya dogara da zato kawai.

Ga inda aka fi samun kuskure. Ban da wanda ake ɗauka ta gefe, hoton ƙirji iri biyu ne. A na farko, mai rubutun PA, mutum yana tsaye ya manna ƙirjinsa da faranti, haske ya shigo ta bayansa. Ma'aikacin da ke tsaye a bayansa, damansu ɗaya. A na biyu, mai rubutun AP, mara lafiya yana kan gado, faranti a bayansa, ma'aikaci na fuskantarsa, don haka daman mara lafiya yana hagun ma'aikaci. Wanda hannunsa ya saba da na farko, idan aka kira shi gefen gado da gaggawa, yana iya manna R a ɓangaren hagu. Maganinsa shi ne ya taɓa kafaɗar dama ta mara lafiya, sannan ya manna R a wannan ɓangaren. Rubutun AP ɗin ma dole ne ya fito, domin a irin wannan hoto zuciya takan fito da girma fiye da yadda take, sai a zaci kumbura ta yi.

A ɗauka an kawo mutum yana haki, ruwa ya taru a gefen huhunsa na dama, an yi hoto a kan gado, an manna harafi a juye. Hoton zai nuna farin ruwa a ƙasan huhun da aka rubuta wa L. Idan aka bi harafin kaɗai, za a soka robar fitar da ruwa tsakanin haƙarƙarin hagu, a taɓa huhun da mutumin yake numfashi da shi, ruwan kuma yana nan daram. Likita mai lura zai fara duba jikin hoton. Yawancin zuciya tana karkata hagu, iskar tumbi tana fita baƙa a ƙasan huhun hagu, hanta kuma tana dama. Idan ya ga zuciya da iskar tumbi a ɓangaren R, sai ya dakata, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya saurara, ya tambayi wanda ya ɗauki hoton. In shakka ba ta gushe ba, a sake ɗauka.

Kada wani ya juya hoto don kawai zuciya ta koma inda ya saba ganinta. Kusan mutum 1 cikin 10,000 ana haifarsa da kayan ciki a juye, zuciya a dama, hanta a hagu. Harafin dalma da aka manna daidai shi ne zai nuna haka halittarsa take. A hoton gwiwa ko hannu kuwa babu zuciyar da za a duba, don haka R ko L dole ya dace da gaɓar da aka ɗauka.

Kai ma kana da abin yi. Kafin a ɗauka, nuna wurin ciwon da hannunka, ka faɗa da baki: "Gwiwar dama ce." Idan ka karɓi hoto, duba sunanka da kwanan wata da harafin. In gwiwar dama aka ɗauka ka ga L, ko ba ka ga harafi ba, koma ka ce, "Malam, a duba mini wannan," tun kafin ka kai wa likita.