Yadda Ake Magance Kason da Ya Ƙi Cika Ɗari a Rabon Riba

'Yan'uwa uku a Sakkwato sun haɗa jarin naira 800,000, suka sayo albasa daga Goronyo suka adana. Ƙaramin ya sa 100,000, na tsakiya 300,000, yayansu 400,000. Da aka fitar da takardar rabo sai ga kashi 13, 38 da 50, jimla 101. Nan take aka fara kallon mai lissafi, alhali bai ci ko kwabo ba.

Asalin kason ƙaramin 12.5 ne, na tsakiya kuma 37.5. Da aka cire abin da ke bayan ɗigo, kowane rabi ya hau sama ya zama ɗaya, rabi biyun nan su suka haifar da ƙarin. Wannan a ido kawai yake, bai da lahani. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka raba kuɗi da waɗannan cikakkun lambobi. A ce ribar 240,000 ce: kashi 13 zai ba da 31,200, kashi 38 ya ba da 91,200, kashi 50 kuma 120,000. Jimla 242,400. An raba naira 2,400 da babu su a aljihun kowa.

Ga yadda za ka tsara shi a Excel. Da farko zuba jarin a B2 zuwa B4. A C2 rubuta lissafin kaso, a D2 na riba, ka ja su ƙasa:

```
=B2/SUM($B$2:$B$4)
=C2*240000
```

Sai ka zaɓi C2 zuwa C4 ka danna alamar %. Allo zai nuna 13%, amma a ciki 12.5 ɗin na nan daram, don haka ribar za ta fito daidai: 30,000, 90,000 da 120,000. Kada ka sa ROUND a layin C, domin shi adadin kansa yake canzawa, duk lissafin da ya dogara da shi kuma ya gaji kuskuren. Haka nan ka guji kunna Set precision as displayed, yana goge ragowar har abada.

In wani ya miƙo maka nasa lissafin kana shakka, danna Increase Decimal sau biyu. Ka ga 12.50%, lafiya lau. Ka ga 13.00%, an riga an datse shi, sai a koma kan jarin.

Wajen bugawa, lamba ɗaya bayan ɗigo ta wadatar a nan: 12.5, 37.5, 50.0. Amma ba kullum take fissheka ba, don mutum uku masu jari daidai za su samu 33.3 kowanne, jimla 99.9. Ni ba na yarda a ƙara wa wani ko a rage masa da hannu don takarda ta yi kyau. Ka ɗauko jimlar da =SUM(C2:C4), za ta ba da 100%, sannan ka rubuta a ƙasa cewa an taƙaita lambobin ne don sauƙin karatu, kuɗin kowa daga ainihin jarinsa aka lissafa shi.