Yadda Ake Sanar da Ma'aikata Cewa Za a Rage Su Saboda Ƙarancin Kuɗi

Kafin shugaban ma'aikata ya kira kowa taro, aikinsa na farko shi ne ya zauna da takarda ya raba abin da aka riga aka yanke da abin da ba a yanke ba tukuna, domin a nan ne yawancin irin waɗannan sanarwar suke lalacewa. Idan an tabbatar za a rage gurabe shida, wannan yankakke ne, kuma haka za a faɗe shi. Idan ba a tantance su wa abin zai shafa ba, shi ma haka za a faɗa. Shugaban da ya ce "ana dai duba lamarin" alhali jerin sunaye yana cikin aljihunsa ya yi ƙarya, kuma ma'aikata za su gane hakan ranar da takardun sallama suka fito.

Mu ɗauki misali. Wata ma'aikata tana da gurabe 40, an kuma rage mata kashi 20 cikin 100 na kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Albashi da alawus suna cin kashi 70 na kasafin, haya da sufuri da kayan aiki da sauransu suna cin kashi 30. Bayan an matse waɗannan na biyun iya matsewa, an tsimi kashi 6 kacal, saura kashi 14 da dole su fito daga albashi. Kashi 14 cikin 70 ɗaya bisa biyar ke nan, wato kimanin gurabe takwas idan albashin bai yi nisa da juna ba. Biyu daga cikinsu babu kowa a kansu tun da masu su suka ajiye aiki, don haka ba za a cike su ba, mutum shida ne za su tafi. Wannan lissafin ya kamata shugaba ya iya faɗarsa da ka, cikin minti biyu, ba tare da ya laɓe bayan allo mai cike da alƙaluma ba. Wanda ya kasa bayyana shi a sauƙaƙe bai shirya tsayawa gaban mutane ba.

Mataki na biyu shi ne duba dokar ƙwadago ta ƙasar da ake aiki, da takardar ɗaukar kowane ma'aikaci, da duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da ƙungiyar ma'aikata. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta tanadi cewa mai shirin sallamar ma'aikata saboda dalilin tattalin arziki ya sanar da wakilansu a kan kari, ya faɗa musu dalili, da yawan waɗanda abin zai iya shafa da rukuninsu, da tsawon lokacin da za a ɗauka, sannan ya tuntuɓe su kan hanyoyin kauce wa sallamar ko rage yawanta. Ba duk ƙasashe ne suka rattaba mata hannu ba, amma waɗannan abubuwan su ne ainihin tambayoyin da ma'aikata za su yi, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. Tuntuɓar kuma ta zama ta gaske. A misalinmu, idan wakilai suka kawo shawarar rage awannin aiki, ko suka ce akwai mai son yin ritaya da kansa, shida na iya komawa biyar.

Daga nan sai taron kowa da kowa, wanda ya kamata a yi shi da wuri, kafin jita-jita ta riga shugaba isa ofisoshi. Shi kansa shugaban ne zai yi magana, ba a tura wa mutane irin wannan labari ta saƙon waya, ba a kuma ɗora wa jami'in kula da ma'aikata shi kaɗai. Bayan gaisuwa, kada a yi dogon sharhi kan nasarorin bara, domin tun daga yanayin kiran taron kowa ya san akwai magana, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai iya cewa: "Jama'a, labarin da na zo muku da shi ba mai daɗi ba ne. An rage mana kashi 20 na kasafin baɗi, kuma bayan duk tsimin da muka yi, dole mu rage gurabe takwas. Biyu babu kowa a kansu, shida kuwa mutane ne da ke cikin wannan ɗakin. Ba mu tantance sunaye ba tukuna. Nan da mako uku kowa zai san matsayinsa." Sai ya bayyana ma'aunin da za a bi wajen zaɓe, ko daɗewa a aiki ne, ko ƙwarewar da ma'aikata za ta ci gaba da buƙata, ko rufe wani sashe gaba ɗaya.

Akwai maganganu biyu da nake ganin ya kamata shugaba ya kame bakinsa daga gare su. Ta farko ita ce alƙawarin cewa daga wannan ba za a sake rage kowa ba, domin ba shi ne yake riƙe da kasafin shekaru masu zuwa ba. Ta biyu ita ce yawan nanata yadda abin ya hana shi barci. Yana iya nuna rashin jin daɗinsa sau ɗaya, amma wanda ke tunanin kuɗin makarantar 'ya'yansa bai kamata a sa shi lallashin mai sallamarsa ba. Idan aka yi masa tambayar da ba shi da amsarta, ya ce ba shi da ita, ya sa ranar da zai dawo da ita, ya kuma cika. Kafin a watse a raba takarda mai ɗauke da adadi da ma'auni da ranaku, saboda mutum a cikin firgici rabin magana yake ji.

Ganawa da kowane mutum shi kaɗai ita ce mafi nauyi. A yi ta a ɗaki mai ƙofa, tare da jami'in kula da ma'aikata, a kuma ba mutumin damar zuwa da wakilin ƙungiyarsa. A gana da dukan shidan a rana ɗaya, don kada wani ya ji sunansa a bakin abokin aiki. Hukuncin ya zo a jimlolin farko: "Malam, gurbinku yana cikin waɗanda aka rage, kuma aikinku a nan zai ƙare ranar kaza." Daga nan sai a yi shiru. Wani zai yi kuka, wani zai fusata, wani kuma zai zuba ido kawai yana juya biro a hannunsa, kuma cike wannan shirun da surutu ba ya rage masa komai. Idan ya tambaya don me shi, a mayar da shi ga ma'aunin da aka riga aka sanar, ba tare da an ambaci sunan wanda aka bari ba, kuma kada a tono tsofaffin laifuffuka, domin da zarar an yi haka an mai da ragin ma'aikata kora, abin da kan iya kai ma'aikatar gaban kotu. A miƙa masa takarda mai nuna wa'adin da aka ba shi ko kuɗin da ke madadinsa, da haƙƙoƙinsa na sallama, da kuɗin hutun da bai ci ba, da ranar da za a biya. A ba shi takardar shaidar aiki da izinin fita neman wani aikin, sannan a sa wata ganawar bayan kwana biyu ko uku, lokacin da tambayoyinsa na gaske za su taso.

Mutum 32 da suka rage su ma suna jiran bayani. Aikin gurabe takwas ba zai ɓace don kansa ba, saboda haka a cikin makon a zauna da kowane sashe a faɗi ayyukan da za a daina, da waɗanda za a jinkirta, da wanda zai karɓi sauran. Idan aka ga an daina tambaya a taro, ana ta ƙus-ƙus a bayan fage, ƙwararru kuma suna yawan neman izinin fita da rana, alama ce cewa bayanin bai gamsar ba, kuma shugaba yana buƙatar sake kiran taro ya amsa abin da ya tsallake.